Saƙon amincewa ko lambar tes: wanne ya fi tsare asusu idan an ƙwace layi?

"Imel ɗina ya ba ni zaɓi biyu, ko a turo min lamba ta tes, ko tambaya ta fito a wayata in danna amincewa. Wanne zan ɗauka? Ina jin ana ƙwace wa mutane layi."

Ɗauki na amincewa. Lambar tes layinka take bi, tambayar amincewa kuwa wayar da ke hannunka take bi.

Ga yadda ake ƙwace layi. Ɓarawo ya tattara bayananka, ya je wurin masu sabunta sim ya ce nasa ya ɓace, ko ya haɗa baki da wani ma'aikaci, sai a mayar da lambarka kan sabon sim, abin da a Najeriya ake kira walkam-bak. Nan take naka ya mutu. Duk wata lamba mai alƙaluma 6 da za a turo, wayarsa za ta shiga. Haka aka yi wa Jack Dorsey, shugaban Tuwita na lokacin, a watan Agusta 2019. Alamar ita ce sabis ɗinka ya ɗauke, wayar ta nuna "No service", alhali na kusa da kai mai layi irin naka yana waya. Kada ka jira gari ya waye: ari waya ka kira kamfanin layin da bankinka.

Tambayar amincewa tana zuwa ne ta intanet, zuwa manhajar da aka riga aka yi wa rajista a wayarka, don haka sabon sim ba ya jawo ta. Rauninta yatsan mai wayar ne. Wanda ya sami kalmar sirrinka zai yi ta turo tambayar, har gajiya ta sa ka danna. Ta haka aka kutsa kamfanin tasi na Uber a watan Satumba 2022. Shi ya sa tun Mayu 2023 manhajar amincewa ta Microsoft Authenticator ta tilasta a rubuta mata lamba mai alƙaluma 2 da ke kan allon shiga. Tambaya ta fito ba kai ke shiga ba? Ƙi ta, ka canza kalmar sirri, domin ta riga ta fita.

Inda tes ya fi shi ne ba ya buƙatar data, kuma yana shiga ƙaramar waya.

Wurin da aka fi yin sakaci, kuma shi ya fi damuna, shi ne a kunna amincewa a bar lambar waya a matsayin madadi. Ɓarawon sai ya danna "Try another way", ya zaɓi tes, shi ke nan. A asusun Gugul, shiga "Security", sannan "2-Step Verification", ka fara ciro "Backup codes", lambobin shiga ne na ko-ta-kwana, guda 10 masu alƙaluma 8, ka rubuta a takarda ka adana a gida. Bayan nan ka cire lambar daga hanyoyin shiga, ka kuma duba "Recovery phone", don ta nan ma ana sake kalmar sirri. Kulle sim da lambar sirri yana da amfani idan an sace wayar, amma ba ya hana a yi wa layinka walkam-bak.