Zanen farashi, rahoton kamfani ko sirrin ciki: wanne ya cancanci kuɗinka?

Masu tallar dabarun cinikin hannun jari kashi uku ne. Akwai mai koya maka karanta zanen farashi ko turo maka sigina a waya, akwai mai nazarin rahoton kamfanoni ya zaɓa maka, sai kuma wanda zai raɗa maka cewa yana da mutum a ciki. Kafin ka biya kowa, tambaye shi abu ɗaya: daga ina labarin da ka dogara da shi yake fitowa?

A 1970 masanin tattalin arziki Eugene Fama na Jami'ar Chicago ya jera kasuwanni mataki uku, gwargwadon labarin da farashi ya riga ya haɗiye. A mataki mai rauni, farashin yau ya ƙunshi duk tarihin farashi da yawan cinikin baya. A matsakaici, ya ƙara da duk abin da aka bayyana wa jama'a, kamar ribar shekara, rabon riba da sauyin kuɗin ruwa. A mai ƙarfi kuwa, har sirrin da bai fita daga ɗakin taron daraktoci ba yana ciki. Kowane mataki ya haɗa da na ƙasansa.

Mai zanen farashi ne ya fi kowa shiga haɗari, domin ko mataki mai rauni kaɗai ya tabbata, sana'arsa ta rushe. Layin da yake gani, dubban mutane da na'urori sun gan shi. Da a ce wani fasali yana nuna farashi zai tashi gobe, da yau an saye an tashe shi. Ga kuma kuɗin shiga da fita. Mu ƙaddara kana da naira 1,000,000, kamashon dillali da sauran caji na saye da sayarwa suna cin kashi 2 cikin 100, sigina kuma tana sa ka juya kuɗin sau 12 a shekara. Kusan naira 240,000 ke nan sun tafi, ban da kuɗin siginar. Sai dabarar ta fi kasuwa da wajen kashi 24 cikin 100 kafin ka kamo wanda ya saya ya naɗe hannu.

Gaskiya dai ƙa'idar tana da ɓaraka a nan. A 1993 masu bincike Jegadeesh da Titman sun nuna cewa a Amurka hannun jarin da ya yi fice cikin watanni 3 zuwa 12 yakan ci gaba da ficen, da ratar kusan kashi 1 cikin 100 a wata. Amma wannan aikin tarin kamfanoni ne masu yawa a lokaci guda, kuma a 2009 dabarar ta tafka mummunar asara. Ba ita ake sayar maka a kwas ɗin mako biyu ba.

Mai nazarin rahoto yana tsira a mataki mai rauni, matsakaici ne ke kayar da shi. Kamfani ya sanar da riba mai tsoka, kafin ka gama karantawa farashi ya motsa. Wani lokaci ma faɗuwa yake yi, don masu kasuwa sun sa ran fiye da haka. Shahararren mai zuba jari na Amurka Warren Buffett ya gwada wannan da kuɗinsa: daga 2008 zuwa 2017 asusu mai arha da ke bin ma'aunin S&P 500, wato matsakaicin farashin manyan kamfanonin Amurka 500, ya samu kusan kashi 126 cikin 100, asusun ƙwararru biyar da aka kara da shi suka tashi da wajen 36 a tsaka-tsaki. Sai dai New York ba Legas ba ce. A NGX, kasuwar hannun jari ta Najeriya, akwai ƙananan kamfanonin da ba a cika cinikinsu ba, masu bibiyarsu kaɗan ne, labari yana iya jinkirin shiga farashi. A ganina a nan ne mai nazari yake da ɗan fili. Matsalar ita ce ranar da kake son sayarwa, ƙila ka rasa mai saye a farashin da ka gani a allo. Ka nemi tarihinsa na shekara biyar zuwa sama, bayan cire caji, a gefen ma'aunin kasuwa. In ya nuna maka watanni uku masu daɗi kawai, ka riƙe kuɗinka.

Mataki mai ƙarfi kusan ba wanda ya yarda ya tabbata, shi ya sa sirrin ciki yake kawo riba, shi ya sa kuma doka ta hana ciniki da shi, a Najeriya da Amurka duka. Raj Rajaratnam na asusun Galleon ya samu hukuncin ɗaurin shekara 11 a Amurka kan wannan laifin a 2011. Sirrin da ya iso wayarka ta hannu na biyar kuwa, ko dai farashi ya riga ya haɗiye shi, ko wanda ya yaɗa shi yana neman wanda zai sauke wa kayansa.

Ni dai da kuɗin nawa ne, mafi yawansu zan zuba a asusu mai bin ma'aunin kasuwa mai ƙaramin caji, in ware ɗan abin da zan iya jure asararsa in gwada mai nazarin rahoto na shekara biyu ko uku.