Gargaɗi game da mai sayar da “hoton situdiyo” ta waya a Damagaram

Ina sana'ar ɗaukar hoto da wanke shi a nan Damagaram, kuma cikin watanni biyu da suka wuce mutum huɗu sun kawo mini hotuna iri ɗaya domin in buga musu kalandar biki, dukansu daga hannun mutum guda. Yana tallata kansa a zaurukan WhatsApp na mata, yana cewa ba sai an je situdiyo ba: a turo masa salfi, a aika masa jaka uku ta sefa, shi kuma zai mayar da shi hoton ƙwararru mai ainihin kamannin mai shi. Abin da yake yi a gaskiya shi ne ya samo hoton wata matar da aka ɗauka da babbar kyamara, ya cire fuskarta, ya ɗora fuskar wadda ta biya shi. Kafin a biya yana turo ɗan ƙaramin samfuri wanda ba a ganin aibinsa a waya, bayan an biya kuma duk wadda ta yi ƙorafi sai ya toshe lambarta.

Ta ƙarshe da ta zo ’yar maƙwabcina ce, amarya, tare da gwaggonta. Da na buɗe hoton a babban allo, gwaggon ta daɗe tana kallo, sannan ta ce: “Malam, idanun dai nata ne, amma wannan hancin da kumatun ba na gidanmu ba ne.” Ta faɗi gaskiya, kuma dalilin yana cikin tazarar da ke tsakanin kyamara da fuska.

Mai ɗaukar salfi yana riƙe wayar ne iya tsawon hannunsa, sau da yawa ma ƙasa da haka, wato santimita 30 zuwa 50 daga fuska. Domin fuska ta shiga duka daga wannan kusancin, ana sa wa kyamarar gaba gilashi mai faɗin gani, kwatankwacin milimita 23 zuwa 28 a ma'aunin manyan kyamarori. Mu kuwa a situdiyo mukan yi aiki da gilashi mai milimita 85 ko makamancinsa, mu tsaya kamar mita biyu daga mutum. Mutane sukan ɗora wa gilashin laifin kumbura hanci, amma tazarar ce ke yin aikin; gilashin mai faɗi ya ba da damar matsowa ne kawai.

Lissafin ba shi da wuya. Duk abin da ya fi kusa da kyamara ya fi girma a hoto, kuma fuska ba shimfiɗaɗɗen faranti ba ce: daga kan hanci zuwa kunne akwai zurfin da ya kai santimita 10 ko fiye. Idan wayar tana santimita 30 daga hanci, to tana santimita 40 daga kunnuwa, saboda haka hancin zai fito ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka gwada shi da kunnuwan. Idan kuwa an tsaya mita biyu, hanci yana santimita 200, kunnuwa suna 210, bambancin bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba, wanda ido ba ya kamawa. A shekarar 2018 wasu masu bincike a Amurka, cikinsu har da likita Boris Paskhover, sun wallafa lissafin da ya nuna cewa hoton da aka ɗauka daga santimita 30 yana ƙara wa hanci faɗi da kimanin kashi 30 cikin ɗari. Ban da hancin, kusanci yana ɓoye gefen fuska, domin kumatu sukan tare kunnuwa, fuskar ta fito a tsuke kamar an matse ta daga baya.

A nan ne aikin wannan mutumin yake lalacewa. Wanda zai ɗora fuska a kan fuska dole ya daidaita su da wani abu, kuma abin da aka saba kamawa shi ne idanu biyu da baki. A hoton amaryar nan ya daidaita idanunta da na matar da ya aro jikinta. To amma a salfi idanu ma sun fi kunnuwa kusa da waya, don haka da tazarar idanun ta yi daidai, sai faɗin fuskar amaryar ya gaza cika kan da aka ɗora ta a kai. Abin da ya rage a gefe biyu, wato kumatu da muƙamuƙi, na waccan matar ne, an shafa musu launin fatar amarya. Hancin kuma, da yake ya fi idanun kusa, ya shigo da ƙarin faɗinsa ya zauna a tsakiyar kan da aka ɗauka daga nesa. A wani hoton da aka kawo mini kafin wannan ya bi ta ɗaya hanyar, ya ja fuskar har ta cika kan, sai idanu da hanci da baki duka suka yi wa kan yawa, kamar babban mutum ya leƙo ta ƙaramar taga. Ko ta wace hanya ya bi, gefen fuskar da wayar ba ta gani ba babu shi a salfin, sai dai a aro na wani ko a ƙirƙira.

Alamar da na fi dogara da ita ita ce kunne da hanci tare. Idan kunnuwa biyu ko ’yan kunne biyu sun fito sarai, kafaɗu sun zauna daidai, abin da ke bayan mutum a hoton ya yi dishi-dishi irin na babbar kyamara, amma hanci ya taso kamar an matso da waya, to hotuna biyu ne aka haɗa. Idan ɗankwali ya rufe kunnuwan, a duba layin muƙamuƙi a gwada shi da wani hoton mai shi da aka ɗauka daga nesa. Akwai kuma kusurwa. Yawancin mata sukan ɗaga wayar sama da ido, goshi ya faɗaɗa, haɓa ta ƙanƙance, alhali wuya da kafaɗun da aka aro an ɗauke su ne a miƙe. A hoton amaryar har hasken da ke cikin ƙwayar idonta na tagar ɗakinsu ne daga hagu, inuwar wuyan kuwa tana nuna fitila daga dama.

Ba na iya gyara irin wannan hoton, kuma duk wanda ya ce zai gyara shi kafin a buga, ƙarin kuɗi kawai zai karɓa. Wadda ba ta da halin zuwa situdiyo, wayarta ta isa: ta ba wani ya riƙe a daidai tsayin idonta, ya ja baya mita ɗaya da rabi zuwa biyu, ya ɗauka da kyamarar baya a inuwa mai haske, ya taɓa 2x idan wayar tana da shi, in babu a yanke gefen hoton daga baya. Fuskar za ta fito da ma'auninta na gaskiya. Kada kuma a tura wa wannan mutumin ko da irin wannan hoton ne, domin wanda ya ɗora fuskarki a jikin wata ba tare da izinin waccan ba, ba ki san inda zai kai taki ba.

Amaryar na tsayar da ita a jikin bangon shagona da la'asar, na ɗauke ta daga mita biyu da wayar gwaggonta, da wannan hoton aka buga kalandar. Jaka ukun ba su dawo ba, kuma salfinta guda biyar suna hannunsa har yanzu.