Da me za ka ciro kwanakin hutun rashin lafiya daga fayilolin ma'aikata?

Na yi shekaru a ofishin kula da ma'aikata na wata masana'anta a Kano, kuma duk ƙarshen shekara aikin da ke cinye mana lokaci shi ne buɗe fayiloli, a ciro takardun likita, a ga kwana nawa kowa ya yi a gida da sunan jinya, a gwada da abin da ya cancanta. Hanyoyin yin haka huɗu ne na sani: babban littafin rajista, manhajar da ke karanta rubutu daga hoto, manhajar kula da ma'aikata da ake biya wata-wata, sai kuma Excel da mutum zai cike da hannunsa. Ni ta ƙarshen nake ba mutane shawara su ɗauka.

Kafin ka sayi komai, ka san ma'aunin da za ka gwada da shi. Sashe na 16 na dokar ƙwadago ta Najeriya ya ba ma'aikaci albashin jinya har na kwanakin aiki 12 a shekara ɗaya, daga Janairu zuwa Disamba, idan likita mai rajista ya shaida rashin lafiyar. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Takardar ɗaukar aiki na iya ba da fiye da haka, ma'aikatan gwamnati kuma da nasu ƙa'idojin daban. Abin lura shi ne doka kwanakin aiki take ƙirgawa, likita kuwa kwanakin kalanda yake rubutawa, har da Lahadi da ranar hutu. A nan na taɓa cutar da mutum, kuma da wannan nake auna kowace hanya.

A 2024 wani mai tuƙa motar ɗaukar kaya ya kawo takardar hutun kwana 7, daga Alhamis 26 ga Satumba zuwa Laraba 2 ga Oktoba. Dama ya ci kwanakin aiki 7 a farkon shekarar. Na haɗa 7 da 7, na sami 14, na rubuta cewa ya wuce da kwana 2, aka yanke masa albashi. Ya zo ofis da takardar albashinsa a hannu, ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Ranka ya daɗe, Lahadi ma aiki muke yi?" Muna aiki Litinin zuwa Asabar ne. Lahadi 29 ga Satumba ba ta cikin lissafi, Talata 1 ga Oktoba kuma hutun 'yancin kai ce. Kwanakin aiki 5 ke nan, jimla 12 cif, bai wuce ko da ɗaya ba. An mayar masa da kuɗinsa a wata na gaba, amma watan da yake buƙatar kuɗin magani ya riga ya wuce.

Littafin rajista ba zai hana ka wannan kuskuren ba, domin da ka za ka yi lissafin. Manhajar karanta hoto tana iya karanta bugun na'ura, amma rubutun likita da biro, ga hatimi a kan kwanan watan, ya fi ƙarfinta, sai ka koma duba kowace takarda da ido. Manhajar wata-wata kuwa tana da amfani ga kamfani mai rassa da yawa, sai dai tsofaffin takardun da ke cikin fayil ba za su shiga ciki da kansu ba, kai ne dai za ka zauna ka shigar.

Tunda shigarwa da hannu ba makawa, gara ka shigar inda lissafin ke hannunka. Ga yadda nake tsara nawa. Kowace takardar likita layinta ɗaya. Gurbin A lambar ma'aikaci, B ranar da aka rubuta takardar, C asibitin da sunan likitan, D ranar fara hutu, E ranar ƙarshe, F kwanakin aiki, G shekara. Sai wani shafi mai suna Hutu inda nake jera ranakun hutun gwamnati, har da na Sallah da Maulidi, waɗanda sai an sanar nake sakawa. A gurbin F nake sa wannan:

```
=NETWORKDAYS.INTL(D2,E2,11,Hutu!$A$2:$A$30)
```

Lamba 11 na nufin Lahadi kaɗai ce ranar hutun mako. Idan ba ku aiki Asabar, sai ka sa 1 a wurinta, kuma takardar direban nan za ta ba da kwana 4. Jimlar kwanakin ma'aikaci a shekara, misali 2024, kuwa da wannan:

```
=SUMIFS(F:F,A:A,A2,G:G,2024)
```

Abu biyu ke ɓata lissafin. Idan kwamfutar na bin tsarin Amurka, ka rubuta 03/04 kana nufin 3 ga Afrilu, za ta ɗauka 4 ga Maris ce, ba kuma za ta yi maka gargaɗi ba. Gwada rubuta 25/04: in ya manne a hagun gurbin, ta ɗauke shi rubutu ne, sai ka gyara tsarin kwanan wata kafin ka ci gaba. Na biyu, takardar da ta tsallaka daga Disamba zuwa Janairu a raba ta layi biyu, kowace shekara ta ɗauki nata. Bayan wannan sai ka ɗauko littafin sa hannu na zuwa aiki. Ranar da mutum bai zo ba kuma ba takardar da ta rufe ta, wannan fashi ne, a ware shi daban, kada a zuba shi cikin kwana 12.

Duk wannan bai da amfani idan takardar da ka shigar ta bogi ce, kuma su ma suna da yawa. Kada ka karɓi fotokwafi ko hoton da aka turo a waya a matsayin na ƙarshe, a kawo ta ainihi. Ɗaga ta ka duba da haske: inda aka mayar da 1 ta koma 7, ko 3 ta koma 8, yawanci tawadar ta fi kauri ko launinta ya ɗan bambanta. Likitan kirki yakan rubuta adadin da lamba da kuma kalmomi, to ka ga ko sun yi daidai. Hatimin asibiti ba tare da sunan likita da sa hannunsa ba bai isa ba, takardar mai kemis kuwa ba takardar likita ba ce ko da an buga mata hatimi uku. Likitocin ƙasar nan suna da rajista da MDCN, hukumar da ke kula da aikin likitoci, kuma doka likita mai rajista ta ambata.

Gurbin B da C don wannan na ajiye su. Da ka jera layukan bisa sunan asibiti, sai ka ga abin da fayil ɗaya-ɗaya ba zai nuna maka ba. Na taɓa ganin takardu biyar na mutane daban-daban, duka daga ƙaramin asibiti ɗaya, da rubutun hannu iri ɗaya amma sunayen likitoci uku, kuma kowane hutu ya fara ne washegarin hutun Sallah. Haka nan takardar da aka rubuta bayan mutum ya dawo aiki tana buƙatar tambaya, ko da yake wanda aka kwantar yakan karɓi tasa ne ranar sallama, saboda haka kada ka yanke hukunci daga kwanan wata kaɗai. In ka yi shakka, rubuta wa asibitin wasiƙa da sanin ma'aikacin, ka tambayi abu ɗaya: su suka ba da takardar a ranar kaza, na kwana kaza?

Kada ka tambayi cutar, kada kuma ka buɗe mata gurbi. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, lissafinka kuma kwanan wata kaɗai yake buƙata. Shi ya sa nake sa lambar ma'aikaci maimakon sunansa, na kulle fayil ɗin da kalmar sirri, takardun ainihin kuma su koma kabad mai makulli a ranar da na gama da su.