An ce an maido kuɗi, asusu shiru: kuɗin suna hanya ne ko ba a turo ba?

"Salamu alaikum 'yan gida. Ina Jidda. Na sayi injin markaɗe na riyal 640 a wani shagon intanet da katina na mada, ya zo da matsala na mayar. Ranar Alhamis suka ce sun maido mini kuɗina, yau Talata kwana 12 ban ga komai ba. Ƙawata ta ce nata a ranar suka dawo, wata kuma ta ce sai da ta yi wata guda. Wanne ne daidai? In ƙara jira ko in kai ƙara?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Dukansu biyu gaskiya suka faɗa miki, sai dai abin da ya faru da kuɗin kowacce daban ne, naki kuma bai yi kama da na ta farkon ba.

Idan mutum ya biya da kati, ba a take kuɗin suke shiga hannun mai shago ba. Banki yakan fara riƙe su, a manhaja a ga an rubuta Pending, sai daga baya a kammala cinikin a tura su. In aka soke oda a wannan tsakanin, kuɗin ba su je ko'ina ba, riƙon kawai za a saki. Shi ya sa wani lokaci sukan dawo a ranar, kuma sau da yawa ba saƙon shigar kuɗi, layin cirar ne yake ɓacewa. Ina kyautata zaton abin da ya sami ƙawarki ke nan. Ke kuwa har kaya sun zo hannunki kin mayar, ciniki ya daɗe da kammala. Dole mai shago ya buɗe sabuwar turawa, ta bi ta kamfanin da yake karɓar masa kuɗi, ta je bankinsa, ta ratsa ta mada, wato tsarin biyan kuɗi da kati na Saudiyya, ko Visa ko Mastercard, sannan bankinki ya zuba miki. Kowane zango yana cin lokacinsa.

Abin da aka saba gani a irin wannan, katin bashi na Visa ko Mastercard yakan ɗauki ranakun aiki 5 zuwa 10. Mada, da yake turawar ba ta fita ƙasar, yawanci takan fi sauri, amma shaguna da dama a nan sukan rubuta har zuwa ranakun aiki 14 don su kare kansu. Wata guda kuwa an fi ganinsa idan shagon na ƙasar waje ne, ko hutun Salla ya faɗo a tsakiya, ko kuma mai shagon ya ja ƙafa kafin ya tura. Akwai kuma bambancin inda za a duba: na mada cikin asusu suke faɗawa kai tsaye, na katin bashi ana rage su ne daga abin da ake bin mutum, don haka wani yana ta jiran saƙo alhali an daɗe da rage masa bashin.

Yanzu mu ƙirga naki. Juma'a da Asabar ba sa cikin lissafi a Saudiyya. Daga waccan Alhamis zuwa Talatar nan an yi ƙarshen mako biyu, kwana 12 ɗinki sun zama ranakun aiki 8. Ba a ce an wuce iyaka ba tukuna, amma ga katin mada ya isa ki daina zaman jira kawai.

Domin abin da ya fi damuna ba adadin kwanakin ba ne. A shaguna da yawa, "mun amince da maido kuɗi" daban, "mun tura" daban. Ma'aikacin da ya amsa miki yana iya danna amincewa, sashen kuɗi kuma bai taɓa komai ba. Daga wurinki duka biyu shiru ne iri ɗaya, kuma abu guda ne yake raba su: lambar bin sawu. Turawar da ta fita da gaske tana da lamba. A Visa da Mastercard ana ce mata ARN, alƙaluma 23 ce. Akwai kuma RRN mai alƙaluma 12, wadda ake gani a rasit ɗin biyan kuɗi da kati. Ki rubuta musu, ba ta kiran waya ba, ki ce su ba ki ranar da aka tura, da adadin, da lambobi huɗu na ƙarshen katin da aka tura wa, da ARN ko RRN na maidowar. Ki kula kada su ba ki lambar oda ko lambar ƙorafi su ce ita ce, banki ba abin da zai yi da waɗannan.

In sun ba ki lambar, kuɗin sun bar hannunsu, magana ta koma wurin bankinki. Ki kira lambar da take bayan katin, ki buɗe ƙorafi da ita, ki karɓi lambar ƙorafin. In banki ya yi miki shiru ko amsarsa ba ta gamsar ba, Babban Bankin Saudiyya, SAMA, yana karɓar ƙorafin abokan hulɗar bankuna. In kuwa suka shiga kwana-kwana, yau su ce tsarin ne, gobe su ce ki ƙara haƙuri, kuma ba lamba, to ki ɗauka ba a tura ba. Nan jira ba ya ƙara komai. Shagon cikin ƙasa ana kai shi Ma'aikatar Kasuwanci, ta kiran 1900 ko ta manhajarsu ta بلاغ تجاري, tare da rasit da hoton saƙon da suka yi alkawari da shaidar karɓar kayan da kika mayar.

Kafin nan ki duba asusunki na cikin shagon, don wasu sukan zuba kuɗin a jakar shagon a matsayin kuɗin sayayya su kira shi maidowa. In ta Apple Pay kika biya, lambobi huɗun da za su ambata suna iya bambanta da na jikin katinki, wannan ba kuskure ba ne. In an canja miki kati a tsakanin ma, kuɗin asusun suke bi.

Hanyar ƙarshe ita ce neman banki ya ƙwato kuɗin daga bankin mai shago. Galibin katunan mada suna ɗauke da tambarin Visa ko Mastercard, kuma in shagon na waje ne ta can cinikin ya bi. A dokokin waɗannan biyun, akan jira kwana 15 daga ranar alkawarin maidowa kafin a shigar, kuma galibi ƙofa tana rufewa a kwana 120. Wannan wa'adin ne yake cin mutane, ana lallaɓa su da haƙuri har lokaci ya ƙure.

Da ni ce, yau zan nemi lambar, in ba su wa'adi zuwa Alhamis. Don Allah kuma Hajiya, duk wanda ya kira ki ya ce zai maido miki kuɗin amma sai kin karanto masa lambar sirrin da ta shigo wayarki, ki kashe wayar. Maido kuɗi ba ya buƙatar wannan lambar, cirewa ce take buƙatarta.