Sharhi kan mai binciken tsaron sit da muka ɗauka a Yamai: ya kama ramin CSRF, amma ya bar mu da sauran aiki

Masu tambayata a inbos ko yaron nan mai odit ɗin sit ya cancanci kuɗin da yake caja, amsata ita ce aikinsa ya san shi, wannan ba gardama, amma ku karanta har ƙasa kafin ku tura mai abans, don ni kaina ra'ayina a kansa bai tsaya wuri guda ba. Ba zan faɗi sunansa ko na kamfaninsa ba, waɗanda ke harkar a Yamai sun gane shi.

Sit ɗin na kawuna ne, mai sayar da siminti da ƙarfe a Katako, ni ke kula da shi. Da Laravel, wani kayan aikin gina sit, wani debelofa ya gina shi tun kafin in zo, a ciki ake rubuta faktir, kayan magaza da bashin kiliyan. Abin da muka biya a duba shi ne modepas da serber, ba wanda ya kawo maganar CSRF a cikinmu, wato harin da ake sa nabigatarka ta aika wa sit umarni da sunanka ba da saninka ba.

Ranar da ya zo buro ya ce kawu ya shiga sit da kontinsa kamar kullum, ya buɗe shafin wani kiliya na gwaji da aka rubuta wa bashin jaka 850. Sai ya turo mai liyan ta imel ya ce Alhaji danna wannan, farashin siminti ne na wannan sati. Kawu ya danna, shafi ya buɗe fari fat, ya yi wani ɗan tsalle ya dawo kan sit ɗinmu. Ya ce to Alhaji duba bashin nan. Sifiri. Wallahi jikina sanyi ya yi, kawu ya cire tabarau ya ce kai ɗana modepas ɗina ka sata? Ya ce a'a Alhaji ban san shi ba, ban ma buƙace shi ba, kai da kanka ka goge bashin, ni takarda kawai na miƙa wa nabigatarka. Muka buɗe tarihin ayyuka, sunan kawu ne a rubuce, da awa da minti, daga odinatarsa.

Ga abin da ke cikin shafin, ya nuna mana, bai fi haka ba:

```html
<form action="https://gestion.example/clients/214/solde" method="POST">
  <input type="hidden" name="montant" value="0">
</form>
<script>document.forms[0].submit()</script>
```

Yadda abin ke tafiya shi ne, in ka shiga sit da modepas, serber na ba nabigatarka kuki na sesiyo, daga nan duk buƙatar da za ta tafi adireshin sit ɗin nabigata na liƙa mata kukin nan da kanta ba tare da ta tambaye ka ba. Ba ruwanta da wane shafi ne ya tayar da buƙatar, namu ne ko na wani can, muddin ba a gindaya wa kukin sharaɗi ba. Kamar yaron aike ne da mai tsaron magaza ya sani, kowa ya damƙa mai takarda a hanya ya kai, za a fitar da kaya don fuskarsa aka duba. Mai harin ba ya ganin kukin, ba ya iya karanta amsar da serber ta bayar, kuma bai damu ba, shi dai a aikata. Abin da yake buƙata kawai ya san adireshin da sunan filin, kuma duk wanda ya taɓa aiki a shagon ko ya taɓa ganin fom ɗin ya san su.

Abin da ya fi ɓata min rai, Laravel na zuwa da maganin wannan tun daga gida. Kowane fom ana sa mai `@csrf`, shi kuma ya fitar da ɓoyayyen fili mai suna `_token` da dogon jerin haruffa da ba a iya hasashensa, wato tokin, wanda aka ajiye kwafinsa cikin sesiyon mutum a serber. In fom ya iso, serber ta gwada biyun, in ba su yi daidai ba ta ƙi, ta ba da `419 Page Expired`. Shafin ɗan damfara zai iya sa nabigata ta aika fom, amma ba zai iya leƙa cikin shafinmu ya kwafo tokin ba, don nabigata ba ta barin shafin wani wuri ya karanta abin da ke cikin na wani. Shi ke nan dabarar. To me ya hana ta aiki a wurinmu? Yaron ya buɗe fayil ɗin `VerifyCsrfToken.php` sai ga wannan:

```php
protected $except = [
    'clients/*',
    'factures/*',
];
```

Wato tsohon debelofa ya cire binciken daga wuraren kuɗi dukansu. Sai a nan sakatariyarmu ta tuna, ta ce ai da can 419 ɗin nan ya dame su, ta buɗe fom ta fara cikawa a ɗauke kuran, ko ta tafi salla da cin abinci ta dawo ta danna sai ya ce shafi ya ƙare, suka kai ƙara aka ce an gyara. Sesiyon Laravel minti 120 ne in ba a canza ba, in ya mutu tokin ya mutu tare da shi, 419 ɗin aikinsa yake yi. Gyaran da ya dace shi ne a ƙara tsawon sesiyo ko a mayar da mutum shafin shiga da saƙo mai daɗi, shi kuwa ya tuge ƙofar gaba ɗaya don tana ƙara.

Shingen na biyu ma a buɗe yake. A `config/session.php` an sa `same_site` a `none`, wai don a nuna jerin farashi cikin firam a wani sit da ma ya daɗe da mutuwa. `SameSite` sharaɗi ne da ake rubuta wa kuki, hawa uku ne. `None` kuki na bin kowace buƙata daga ko'ina, kuma dole a haɗa shi da `Secure`. `Lax` kuki ba ya bin fom ɗin POST, wato mai aika bayanai, ko hoto ko firam da ya taso daga wani sit, amma yana bin liyan da aka danna wanda ya kai ka shafin gaba ɗaya ta GET, wato buƙatar buɗe shafi ta yau da kullum. `Strict` ba ya bin komai da ya taso daga waje. Tun 2020 Chrome ya fara ɗaukar kukin da ba a rubuta wa komai ba a matsayin `Lax`, da sigar Chrome 80 aka fara, kenan da ma an bar wurin ba a taɓa ba da ya fi mana `none` ɗin da aka rubuta da hannu.

Har zuwa nan ba ni da abin cewa sai yabo. Cikin yini guda ya share `$except`, ya bi fom ɗin ɗaya bayan ɗaya ya sa `@csrf`, wuraren da JavaScript ke aikawa ya sa su ɗauki tokin cikin `X-CSRF-TOKEN`, ya sake gwada shafinsa na hari gaban kawu aka ga 419, bashi na nan daram. Ya koya min gwajin da zan riƙa yi da kaina, a danna F12 a Chrome, a goge filin `_token` daga fom a aika, in ya wuce to akwai rami. Sai a shiga `Application` a duba `Cookies`, layin `SameSite` zai nuna me aka sa. Kawu har kuɗin esans ya ƙara mai.

To ga inda raina ya fara ɓaci. Ya mayar da `same_site` zuwa `strict` bai faɗa wa kowa ba, ba ya cikin bayanin da ya yi mana a baki. Muna da kiliyan da ke shiga kontinsu su biya ta shafin kamfanin biyan kuɗi, in sun gama shafin can ya dawo da su namu. Dawowar nan daga wani sit take, don haka kukin `Strict` ba ya biyo ta, mutum ya biya kuɗinsa sai ya tsinci kansa a shafin shiga kamar bai taɓa zuwa ba, babu resi babu komai. Wani ɗan kwangila daga Tawa ya zaci bai wuce ba ya sake biya, ya kira kawu yana faɗa, kawu ya kira ni yana faɗa, ni kuma na yi ta kiran yaron waya na ƙara ba a ɗauka, sai saƙo wai yana misiyo. Da ya dawo ya ce ai `Strict` ya fi tsaro. Na sani malam, amma wanda aka biya ya binciki sit ya kamata ya bi hanyar biyan kuɗi daga farko har ƙarshe kafin ya taɓa kukin sesiyo, minti goma zai ɗauke shi.

Ni na mayar da shi `lax`, dawowar ta GET ce don haka ta koma aiki nan take. Da a ce ta POST kamfanin ke dawo da mutane da `Lax` ma bai isa ba, sai an ware wa wannan adireshin hanyarsa ta daban wadda ba ta dogara da sesiyo, a tabbatar da biyan daga serber zuwa serber. Ku da ke da irin tsarin nan ku duba naku.

Kuma wajen wannan gyaran ne na ci karo da abin da rapor ɗinsa mai shafi da yawa bai ambata ko sau ɗaya ba. Maɓallin goge faktir liyan ne kawai:

```html
<a href="/factures/77/supprimer">Supprimer</a>
```

GET ne. Laravel ba ya neman tokin a kan GET, don a ƙa'ida GET karatu ne ba ya canza komai, `Lax` kuma yana barin kuki ya bi liyan da aka danna. Kenan shingayen biyu duka ba su taɓa wannan wurin ba, a turo wa kawu liyan ɗin nan a ɓoye ƙarƙashin wata kalma ya danna, faktir mai lamba 77 ta tafi. `Strict` ɗinsa ne ya rufe ramin da bargo har gwajinsa bai gan shi ba, ko kuma bai nema ba. Na mayar da shi fom mai `@method('DELETE')` da `@csrf`, na buga `php artisan route:list` na bi duk layin GET ina duba wanda ke taɓa bayanai, na samu wani na soke oda, shi ma na gyara.

Akwai kuma tsohon shafin tallarmu da ke zaune a wani reshen adireshin namu ɗaya, ba a sabunta shi ba tun tuni. A wurin `SameSite` reshe da uwa duk sit ɗaya ne, in aka samu aka dasa fom a can kuki zai bi shi ko da `Strict` ne, tokin kaɗai zai tare. Na tambaye shi ya duba wannan da kuma XSS, wato wani ya cusa JavaScript cikin shafinmu, don in har ya iya to zai karanta tokin ya yi abin da ya ga dama, ya ce wannan ba ya cikin debi, sabon faktir ne. Kawu ya ce ba zai ƙara ko dala ba sai ya zo ya zauna sun yi maganar kuɗin ɗan Tawa da sai da muka bi aka mayar. In za ku ɗauke shi ku ɗauke shi, idonsa na gani, amma ku sa a rubuce cewa zai gwada biyan kuɗi bayan gyara, zai bi adireshin GET duka, kuma kar ku ba shi ragowar kuɗin sai sit ya yi sati yana aiki.