Dogon lagwani ko faɗuwar gaske: yadda ake bambance su a jadawalin kirifto

“Na kwanta barci kuɗin da na saya yana 2.00, na sa odar tsayar da asara a 1.90. Da safe na tarar an sayar min a 1.40, farashin kuma ya koma 1.97. Kandir ɗin awa ɗaya sai wani dogon lagwani a ƙasa. Faɗuwa ce ta gaske ko wasa aka yi da ni? Ta yaya zan gane?”

Ɗan'uwa, kandir shi ne zanen da jadawali ke yi don nuna tafiyar farashi a cikin wani lokaci, lagwani kuma siririn layin da ke fita daga jikinsa ya nuna inda farashi ya kai ya dawo. Abubuwa biyu ne ke iya zana irin wannan hoto, kuma daga nesa kamarsu ɗaya. Na farko shi ne rami a littafin oda, wato jerin masu jiran saye da masu jiran sayarwa: masu saye sun yi ƙaranci na ɗan lokaci a kasuwa guda, oda ɗaya ta faɗa ciki. Na biyu shi ne faɗuwar gaske, wato kasuwanni gaba ɗaya sun yarda darajar kuɗin ta ragu. Abin da ka bayyana ya fi kama da na farko, amma bari mu bi shi da lissafi.

Farashin da jadawali ke zanawa shi ne na ciniki na ƙarshe da aka ƙulla, ko na dala goma ne ko na dala miliyan. Mu ɗauka a wannan daren masu jiran saye haka suka jeru: guda 3,000 a 1.99, guda 4,000 a 1.97, guda 5,000 a 1.93, guda 2,000 a 1.85, guda 6,000 a 1.60, sai guda 10,000 a 1.40. Sai wani ya zo ya zubar da guda 20,000 a kan duk farashin da ya samu. Matakai huɗun farko sun ɗauke 14,000, ragowar 6,000 suka sauka a 1.60. Shi mai sayarwar ya karɓi dala 36,800, wato matsakaicin farashinsa 1.84 ne, amma jadawali zai nuna faɗuwar kashi 20 cikin ɗari, domin cinikin ƙarshe a 1.60 aka yi shi.

A nan odarka ta shigo. Da farashi ya ratsa 1.90 ta farka, ta koma odar sayarwa a kan duk abin da aka samu. Kafin ta isa, an riga an share matakan 1.85 da 1.60, mai saye na gaba yana 1.40. Kai da sauran waɗanda suka sa tasu a wannan wuri ku ne kuka ƙarasa zana lagwanin. Bayan haka masu cin ribar bambancin farashi suka ga kuɗin yana 1.40 a nan, yana kusa da 2.00 a wasu kasuwanni, suka saye shi, masu samar da oda suka sake cika littafin, farashi ya koma gida. Duk wannan yana iya faruwa cikin ƙasa da minti ɗaya, da kuɗin da bai kai dala dubu hamsin ba.

Kada ka ɗauka ƙananan kuɗaɗe kaɗai hakan ke samu. Ranar 21 ga Yuni 2017, a kasuwar GDAX ta kamfanin Coinbase, wata babbar odar sayarwa ta sauke kuɗin kirifto na ETH daga wajen dala 317 zuwa 224, hakan ya tayar da odoji kusan 800 na tsayar da asara da na rufe masu bashi, wato sayar da kayan masu ciniki da rance a kan dole, har aka yi ciniki a santi 10. Ranar 21 ga Oktoba 2021 kuma bitkoyin ya taɓa dala 8,200 a Binance.US alhali yana wajen dala 65,000 a sauran wurare, kamfanin ya ce kuskure ne a manhajar cinikin wani babban abokin hulɗarsa.

To yaya ake raba wannan da faɗuwar gaske? Gwajin da ya fi kowane ƙarfi shi ne ka buɗe jadawalin kuɗin nan a wata kasuwa, ko biyu, a daidai wannan awa. Rami na kasuwa ɗaya ne: a wurinka za ka ga 1.40, a can kuma ka ga mafi ƙasƙancin farashi bai wuce 1.95 ba. Faɗuwar gaske kuwa kowa tana taɓa shi, ƙasan kandir ɗin zai kusa zama ɗaya ko'ina, sai ɗan bambanci kaɗan. Ni da wannan nake farawa, kuma sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa. Iyakarsa ita ce idan kuɗin a kasuwa ɗaya tal ake cinikinsa da gaske, babu abin da za ka auna shi da shi, kuma wannan kansa gargaɗi ne.

Sai ka sauko daga `1h` zuwa `1m`, wato daga kandir ɗin awa zuwa na minti. Kandir ɗin awa yana gaya maka farashi huɗu ne kawai: na buɗewa, na sama, na ƙasa, na rufewa. Ba ya gaya maka tsawon lokacin da aka ɗauka a ƙasan. A jadawalin minti ɗaya, rami yakan fito a kandir guda ko biyu, na gaba da su ya riga ya dawo kusa da inda aka taso. Faɗuwar gaske tana tafiya ne mataki-mataki: kandir ya rufe a ƙasa, na bayansa ya rufe ƙasa da shi, a ɗan taso a kasa kai wa tsohon wuri, a sake sauka. Jikin kandir ne ke dogo a can, ba lagwani ba. Kuma matakin da a da yake riƙe farashi daga ƙasa, a misalinmu 1.90, sai ya koma rufi: duk lokacin da aka taso gare shi sai a gamu da masu sayarwa.

Yawan ciniki, wato sandunan da ke ƙasan jadawali, yana taimakawa amma yana ruɗa mutane. Ana yawan cewa lagwanin rami ba shi da ciniki, kuma ba kullum haka yake ba. Idan odojin tsayar da asara suka tashi a jere, sandar wannan minti za ta yi tsayi sosai. Abin dubawa shi ne siffar: a rami sanda ɗaya ce ta miƙe, kafin ta da bayanta shiru. A faɗuwar gaske sandunan suna ci gaba da tsayi awa bayan awa, kuma a kasuwanni da yawa lokaci guda.

Akwai na uku da ke tsakiya, shi ne ya fi wuyar karantawa. Wani lokaci masu cin bashi sun taru a gefe ɗaya, farashi ya ɗan sauka, a fara rufe su da ƙarfi, rufewar ta ƙara sauke farashi, a rufe wasu. Wannan yana bayyana a duk kasuwanni, don haka gwajin farko zai ce maka na gaske ne, amma kuma yana iya dawo da rabi ko fiye cikin awa ɗaya. A irin wannan ba na yanke hukunci sai kandir ɗin awa huɗu ya rufe.

Maganar rufewa ma tana da nata ƙulli a kasuwar da ba ta barci. Kasuwar hannun jari ta New York tana buɗewa 9:30 na safe ta rufe 4:00 na yamma agogon can, kuma idan ma'aunin S&P 500 ya faɗi kashi 7 cikin ɗari ana dakatar da ciniki na minti 15. Farashin rufewarta lokaci ne da jama'a suka taru da gaske. A kirifto babu ƙararrawa, babu dakatarwa ta bai ɗaya. Kandir ɗin yini a Binance yana rufewa ne 00:00 agogon UTC, layi ne kawai da aka ja, wasu kasuwannin ma suna ba da zaɓin yanke yinin a wata awa dabam. Ciniki bai tsaya ba, amma mutane da bankuna suna tsayawa. Asabar da Lahadi, da ranakun hutu, da tazarar da ke tsakanin tashin 'yan kasuwar Amurka da shigowar na Asiya, littafin oda yakan yi sirara. Lagwanin da ya fito a irin waɗannan lokuta ina rage masa nauyi. Wanda ya fito a tsakiyar mako, lokacin da Turai da Amurka ke kasuwa tare, ina ɗaukarsa da muhimmanci.

Saura batun odarka, domin ko rami ne, cinikin da aka yi maka a 1.40 ya tabbata. Odar da ka sa irin `Stop Market` ce: tabbas za ta fitar da kai, amma ba ta yi maka alkawarin farashi ba. Kishiyarta `Stop Limit` tana da farashi biyu, misali ta farka a 1.90 amma kada ta sayar ƙasa da 1.86. A daren nan da ita ka sa, da ba a sayar maka a 1.40 ba, odar za ta zauna tana jira, idan farashi ya taso ya ratsa 1.86 a cika ta a can. Ka fita dai, amma da asarar kashi 7 maimakon 30. A faɗuwar gaske kuwa ita ce ke cutarwa: farashi ya tsallake 1.86 bai waiwayo ba, kai kana riƙe da kaya har ƙasa. Kowacce tana kare ka daga ɗaya ne, ta bar ka ga ɗayan.

Ga masu cinikin kwangilar bashi akwai ƙarin zaɓi, a sa odar ta farka da `Last Price` ko da `Mark Price`. Na farko shi ne cinikin ƙarshe a kasuwarka, duk ramin da ya buɗe zai taɓa shi. Na biyu ana lissafa shi ne daga farashin kasuwanni da dama, shi ya sa lagwanin kasuwa ɗaya ba ya jan sa sosai, kuma da shi manyan kasuwanni ke rufe mai bashi. A cinikin saye da sayarwa na kai tsaye yawanci ba ka da wannan zaɓi.

Abin da zan so ka duba tun kafin ka saya shi ne zurfin littafin. Shafukan CoinGecko da CoinMarketCap suna nuna `-2% Depth` ga kowace kasuwa, wato kuɗin da ke jiran saye daga farashin yanzu zuwa ƙasa da kashi biyu. A misalinmu matakan 1.99 da 1.97 ne kawai ke cikin wannan tazara, dala 13,850 ke nan. Mai riƙe da kayan dala 5,000 a irin wannan kasuwa shi kaɗai ya kai fiye da kashi ɗaya cikin uku na wannan zurfi. Ka kuma koma baya wata uku a jadawalin `1h` ka auna tsawon lagwanin da kuɗin ya saba yi da dare da ƙarshen mako. Idan yakan yi na kashi 8 ko 10 ya dawo, odar da ka sa a tazarar kashi 5 tana cikin hayaniyarsa ta yau da kullum. Ko dai ka nisanta ta ka rage yawan abin da ka saya yadda asarar za ta tsaya yadda ka tsara, ko ka koma kasuwar da ta fi zurfi ga wannan kuɗin.