Jijiyoyin cibiya da na maƙoshi a ciwon hanta: wanne ne abin tsoro?

"Kawuna yana fama da ciwon hanta, jijiyoyi sun fito ruɗu-ruɗu kewaye da cibiyarsa. Amma likita bai damu da su ba, sai ya ce a zura kyamara a maƙoshinsa. Me ya haɗa su?"

Allah ya ba kawu lafiya. Tushensu ɗaya ne, ƙarshensu ne ya bambanta.

Jinin da ya tashi daga tumbi da hanji da saifa ba ya wucewa zuciya kai tsaye. Sai ya taru a wata babbar jijiya da likitoci ke kira fotal, mai tsawon kamar santimita 8, ta kai shi hanta a tace. Kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da hanta ke samu ta nan yake shiga. Wannan jijiya ba ta da murfin da ke hana jini komawa baya. To idan hanta ta ƙanƙance ta yi tauri, jinin ya rasa hanya, sai ya juya ya nemi tsofaffin ƙananan mahaɗu da ke tsakaninta da sauran jijiyoyin jiki. Kamar kwata ce da ta toshe, ruwa ya bi ta lunguna.

Ta cibiya, jinin yana bin ƙananan jijiyoyin da ke raka tsohuwar igiyar cibiya, ya fito cikin jijiyoyin fatar ciki. Su ne kike gani. Suna da ban tsoro a ido, amma fata da kitse sun rufe su, da wuya su fashe. Amfaninsu ga likita shaida ce kawai: yakan matse jijiyar da yatsu biyu, ya saki ɗaya, ya ga inda jini ya nufa. Idan a ƙasan cibiya ya yi ƙasa, a samanta ya yi sama, matsalar fotal ce. Idan ko'ina sama yake yi, sai a zargi toshewar babbar jijiyar da ke mayar da jinin ƙafafu zuwa zuciya.

Ta maƙoshi kuwa labari ya sha bamban. Jijiyar tumbi ta hagu tana tura jinin zuwa ƙasan bututun abinci, daga nan ya zarce wata jijiyar ƙirji mai suna azigos. A wannan wuri jijiyoyin suna kwance dab da fatar cikin bututun, wadda siririya ce ƙwarai, babu wani nama mai kauri da ya tallafe su. Suna kumbura shiru, ba ciwo, ba alama, mutum yana cin tuwonsa lafiya. Ranar da ɗaya ta fashe sai aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta. Bambancin matsin jini tsakanin fotal da jijiyar da ke fita daga hanta bai wuce 5 ba a ma'aunin likitoci ga mai lafiya. Idan ya kai 10 jijiyoyin suna fara kumbura, daga 12 kuma fashewa na iya zuwa.

Saboda haka kawu, da cibiyarsa ta riga ta nuna matsin ya hau, dole a leƙa inda ido ba ya gani. Idan an tarar da ƙanana marasa jan tabo, akan sa ido a sake dubawa. Idan manya ne, ko masu jan tabo a jikinsu, sai a ba shi furofaranolol ko kabedilol don rage matsin, ko a ɗaure su da 'yan robobi ta cikin kyamarar, a maimaita bayan 'yan makonni har su mutu. Kuma ya rabu da asfirin da diklofenak da ibufurofen da ake saye a kemis don ciwon jiki.

Akwai mahaɗa ta uku a dubura, inda jijiyar sama ta fotal ke haɗuwa da ta tsakiya da ta ƙasa. Mutanenmu kowane jini ta baya basir suke kiransa, amma kumburin nan ba basir ba ne, kada a kai wa mai yankan gargajiya.

Abin da ya haɗa dukkansu shi ne jinin da ya kauce wa hanta ba a tace shi ba. Amoniya, wata guba da ke tasowa daga hanji, sai ta isa ƙwaƙwalwa, mutum ya riƙa barcin rana da farkawar dare, yana ruɗewa, hannunsa na karkarwa idan ya miƙa shi. Na sha ganin an ɗauka aljanu ne.

Ki kuma tambayi likita musabbabin. A ƙasar Hausa ciwon hanta nau'in B ne kan gaba, amma idan kawu manomin rani ne ko masunci, tsargiyar hanji ma tana toshe rassan fotal a cikin hanta. Irin wannan saifa kan yi girma sosai, a yi aman jini, alhali gwajin aikin hanta yana fitowa kusan lafiya, domin ƙwayoyin hantar ba su lalace ba, hanyar jinin ce ta toshe.